Ahalari Bai Raba Mu da Hadisi Ba: Martani Kan Malikiyya a Ƙasar Hausa

Wani ɗan'uwa ya yi rubutu kwanan baya a kan mazhabar Malikiyya a ƙasar Hausa, inda ya kafa magana uku. Ya ce mazhabar ta yi rinjaye a nan ne don sarakuna sun ɗora ta a kan talakawa, masu jihadi suka ƙarfafa ta da takobi, Turawa kuma suka tabbatar da ita a kotunan alƙalai. Ya ce ko zuwanta ma dace ne kawai, domin ita ce fatake suka kwaso daga arewacin Afirka, da wata suka tarar da ita za su kawo. Sannan ya rufe da abin da ya fi damunsa, wato ƙananan littattafan da ake koyar da ita, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, waɗanda ya ce babu aya babu hadisi a cikinsu, don haka sun shiga tsakanin almajiri da sunnar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kamata a ajiye su a fara wa yara da hadisi kai tsaye.

Ba na shakkar kyakkyawar niyyarsa, kuma kishin sunna abin yabo ne ga kowane Musulmi. Amma maganganun nan uku ba su tsaya da ƙafarsu ba, kuma ta ukun tana iya cutar da yaran da yake son ya taimaka. Abin da nake son in nuna guda ne. Malikiyya ta yi saiwa a ƙasar nan domin ta zo da cikakken tsarin koyarwa, tsani ne mai matakai daga yaron da ke koyon alwala har zuwa alƙalin da ke raba gado, kuma ƙananan littattafan nan su ne matakan ƙasa na wannan tsani, hujjojinsu suna matakan sama. Matsalarmu ta yau ita ce tsayawa a ƙasa, ba matakan kansu ba.

Mu fara da maganar sarakuna da takobi, domin shekaru kaɗai sun isa su warware ta. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804. Wali Ɗan Masani na Katsina ya rasu a 1667, kuma daga cikin abin da ya bari akwai sharhin Ishmawi. Malami ba ya zama ya yi sharhin littafin da babu mai karanta shi a garinsu. Ke nan fiye da shekara ɗari kafin a ɗaga tuta a Gudu, almajiran Katsina suna karanta Ishmawi har suna bukatar wanda zai buɗe musu shi. Idan muka ƙara ja baya, za mu tarar da Aida Ahmad, wanda Katsinawa ke kira Ɗan Takum, yana alƙalanci a Katsina a farkon ƙarni na 16, kuma ya yi rubutu a kan Muhtasar na Halil. Kafin shi Shehu Magili ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Tarihin Kano kuma ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi a cikin wannan karatu suka tashi. Shehu ya karanta Muhtasar wurin danginsa tun yana saurayi, kuma Malam Abdullahi ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a Ida'un Nusukh. Da fiƙihun Malikiyya suka ƙalubalanci sarakunan zamaninsu a kan zalunci da haraji da cin dukiyar marayu. Abin da aka yi amfani da shi wajen tuhumar sarki ba za a ce sarki ne ya ƙirƙiro shi ba. Turawa kuwa tarar da shi suka yi. Sun bar kotunan alƙalai don sun ga ba za su iya mulki ba tare da su ba, kuma Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 littattafan da ke zaurukan gari ta ɗauka.

Ban ce hukuma ba ta da hannu ko kaɗan ba. Sarkin da ya naɗa alƙali Bamalike ya ƙarfafa mazhabar, haka ma daular Murabiɗai a Magrib. Amma tarihin arewacin Afirka ya ba mu gwajin da ke nuna iyakar ƙarfin hukuma, har sau uku. Lokacin da Faɗimiyya 'yan Shi'a suka kafa daula a ƙasar Tunus ta yau a 909, malaman Ƙairawan sun sha takura, duk da haka a cikin wannan zamani Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ya rubuta Risala bisa roƙon wani malamin yara. Daga baya a ƙarshen ƙarni na 12, sarkin Muwahhidai Yakubu al-Mansur ya ba da umarni a ƙone littattafan fiƙihun Malikiyya, har da Mudawwana, ya sa a tattara hadisai a koyar a maimakonsu. Wannan fa kusan ita ce shawarar marubucinmu, kuma wanda ya zartar da ita yana da runduna da taska. Daular na raunana mutane suka koma wa littattafansu. Sannan Turkawa Hanafawa sun mulki Aljazair da Tunus da Tarabulus ƙarnoni, amma jama'ar ƙasa ba su bar Malikiyya ba. Da takobi ne ke dasa mazhaba, da takobi ya tumɓuke ta a ɗaya daga cikin ukun nan.

Maganar dace ma haka take. Gaskiya ne hanyar ayari ta haɗa mu da Magrib da Masar, kuma ta nan littattafai suka zo. Amma ba Malikawa kaɗai suka bi hanyar ba. Daga cikin Musulmin farko da suka riƙa ƙetare Sahara zuwa Gao da Kanem akwai 'yan kasuwa Ibadawa daga Tahart da Zawila, kuma mazhabarsu ba ta zauna a ƙasashenmu ba. Mutanenmu kuma ba a rufe suke ba su san wata mazhaba ba. Mahajjatanmu ta Alƙahira suke bi, inda Shafi'awa ke da rinjaye. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, Bashafi'e ne, ya yi wasiƙa ga sarakunan Agadas da Katsina, kuma har yau Jalalaini, wanda shi da malaminsa Mahalli suka rubuta, shi ne tafsirin da ake jan baƙi a yi da shi a watan azumi. Malamanmu sun karɓi tafsirin Shafi'awa hannu bibbiyu, amma a fiƙihu suka tsaya inda suke. Mutanen Kanem ma da suka ba da dukiya aka gina musu makaranta a Masar a tsakiyar ƙarni na 13, makarantar Malikiyya ce, a garin da duk mazhabobi huɗu ke da malamai. Wannan zaɓi ne na masu sani.

To me ya sa suka zaɓa? Domin fiƙihu ba kamar tafsiri ba ne da mutum zai karanta wannan yau gobe ya karanta wancan. Fiƙihu abu ne da gari guda ke tarayya a kansa. Liman da mamu dole su san abu guda idan an yi rafkanuwa. Waliyyin amarya da na ango dole su yarda da sharuɗɗa guda. Bafatake daga Agadas da ya ba da bashi a Kano yana bukatar alƙalin Kano ya yi masa hukunci da abin da alƙalin garinsu zai gane. Malikiyya ta iso da amsa ga duk waɗannan a rubuce, a tsare, tare da malaman da suka karanta wurin malamai, silsila ba yankewa har zuwa Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 854, shi kuma ya ɗauko Mudawwana daga Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik. Kuma mazhaba ce da ke ba al'adar gari wuri matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba, abin da ya sauƙaƙa wa alƙalai hukunci a kan sadaki da ciyarwa da ciniki gwargwadon abin da mutane suka saba. Duk almajirin da ya ƙare karatu ya buɗe zaurensa, littattafan da ya karanta su zai koyar, a jeren da ya karanta su. Haka abin ya yaɗu, ƙarni bayan ƙarni, ba tare da wani sarki ya biya albashi ba.

Yanzu sai maganar littattafan, wadda ita ce zuciyar rubutun nasa. Ya kamata a duba yadda aka jera su kafin a yanke musu hukunci. Yaro yakan fara da Ƙawa'idi, 'yan shafuka kan tauhidi da salla. Sai Ahalari, na Abdurrahman al-Ahdari, malamin ƙasar Aljazair a ƙarni na 16, wanda ya fara da gyaran imani da tuba da kiyaye harshe, ya shiga tsarki da salla, ya ƙare da dogon babi a kan rafkanuwa. Ishmawi ya maimaita tsarki da salla ya ƙara jana'iza da azumi. Iziyya, ta Abul Hasan al-Manufi na Masar wanda ya rasu a 1532, ta ƙara zakka da hajji da yanka da aure da ciniki da gado. Risala ta kewaye addinin duka, daga aƙida har ladubban cin abinci da sallama. Askari, wato Irshadus Salik na Ibn Askar na Bagadaza, yana kawo ƙarin rassa da saɓani. Sai Muhtasar na Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin masu fatawa, wanda ba a karanta shi sai da sharhi irin na Dardir da Dasuƙi ko Jawahirul Iklil. Mai son alƙalanci ya haɗa da Tuhfa ta Ibn Asim. Kowane littafi yana komawa kan abin da na baya ya faɗa, ya faɗaɗa shi, ya ƙara sabo. Almajirin da ya kai Risala ya bi ta babin alwala aƙalla sau huɗu, kowane karo da zurfin da ya fi na baya.

Wanda ya taɓa zama a zaure ya san yadda darasin ke tafiya. Malam yana zaune a kan buzu, almajirai sun yi layi kowa da littafinsa, wani da Ishmawi wani da Muhtasar. Wanda layi ya zo kansa ya matso ya karanta jimla, malam ya fassara da Hausa kalma bayan kalma, ya gyara masa wasali idan ya karkace, ya tsaya ya yi bayani inda ake bukata. Bai wuce layi biyar ko shida ba sai a ce ya isa haka, sai gobe. Ƙaramin almajiri yana gefe yana jiran layinsa, kunnensa na jin darasin manya. A wannan tsari, a zamanin da takarda ke ƙetare Sahara a bayan raƙumi kuma kowane littafi da hannu ake kwafarsa, gajarta ita ce ta sa talaka ya iya mallakar littafi ya kuma haddace shi. Bayanin da marubucin ke nema a shafi yana bakin malam da cikin sharhi.

Amma bari mu bar magana a dunƙule mu ɗauki mas'ala guda mu bi ta har tushe, mu ga ko da gaske babu hadisi a ƙarƙashinta. Mu ɗauki ƙabli da ba'adi, domin babu masallacin da ba a bukatarsu.

Abin da Ahalari ya koya wa yaro shi ne wannan. Idan ka rage sunna mai ƙarfi bisa mantuwa, ka yi sujada biyu kafin sallama, shi ne ƙabli. Idan ka yi ƙari, ka yi su bayan sallama, shi ne ba'adi. Idan ragi da ƙari suka haɗu a salla guda, ƙabli za ka yi. Farilla ba a gyara ta da sujada, dole a kawo ta. Mustahabbi kamar ƙunutu kuwa ba a yi masa sujada. Layuka ne kaɗan, yaro ɗan shekara goma yana riƙe su.

Ga mutum yana sallar La'asar shi kaɗai. Ya ɗago daga sujadar raka'a ta biyu ya nufi miƙewa bai zauna tahiya ba. Idan ya tuna tun hannayensa da gwiwoyinsa ba su rabu da ƙasa ba, sai ya koma ya zauna, babu komai a kansa. Idan sun rabu, ya wuce kawai, ya yi ƙabli a ƙarshe, domin ya yi ragi. Mu ce ya wuce ɗin, sai kuma tunanin kasuwa ya ɗauke shi ya miƙe zuwa raka'a ta biyar. Da zarar ya tuna sai ya zauna nan take, ba zai cika ta ba. Yanzu yana da ragi da ƙari, don haka ƙabli zai yi. Mu ce kuma ya manta da ƙablin ya yi sallama. Idan ya tuna nan kusa, ya yi sujadar, sallarsa ta yi. Idan lokaci ya ja ko ya bar masallaci, sai a duba abin da ya rage. Zaman tahiyar farko ya ƙunshi sunnoni uku, zaman kansa da tahiyar da kabbara, kuma ƙablin da ya hau kan mutum saboda sunnoni uku idan aka bar shi har lokaci ya ja, sai an sake sallar. Da ba'adi ne kaɗai ke kansa, da duk lokacin da ya tuna ya yi, ko bayan shekara ne, sallarsa na nan lafiya. Mu ƙara da wanda ya zo a makare ya sami raka'a ɗaya ko fiye tare da liman. Idan liman ya yi ƙabli, ya bi shi su yi tare, sannan ya miƙe ya cika. Idan ba'adi ne, ba zai bi shi ba, sai ya cika sallarsa ya yi sallama sannan ya yi nasa.

Daga ina wannan ƙa'ida ta fito? Daga hadisai ne da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Abdullahi ɗan Buhaina ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe daga raka'a biyu a sallar Azahar bai zauna ba, ya ci gaba, da ya zo ƙarshe ya yi sujada biyu kafin sallama. Wannan ragi ne, kuma shi ne ainihin abin da ya sami mutumin da muka kawo. A hadisin Zul Yadaini kuma, ya yi sallama bayan raka'a biyu a ɗaya daga sallolin rana, da aka tunatar da shi ya cika sauran, ya yi sujada bayan sallama. Wannan ƙari ne, domin an ƙara sallama da magana a tsakiyar salla. Ibn Mas'ud ma ya ruwaito ranar da ya yi Azahar raka'a biyar ya yi sujada bayan sallama. Malaman Hanafiyya suka ce duk sujadar rafkanuwa bayan sallama take. Shafi'awa suka ce duk kafin sallama take. Imam Malik ya duba ya ga inda aka yi kafin sallama ragi ne, inda aka yi bayanta ƙari ne, sai ya fitar da ƙa'idar da ta yi aiki da ɓangarorin biyu ba a jefar da ko ɗaya ba. Abin da yaro ke haddacewa a Ahalari shi ne sakamakon wannan nazari.

Yanzu mu gwada shawarar marubucin. Mu ba yaron nan hadisan uku kai tsaye mu ce ya yi aiki da su. Ya miƙe bai zauna ba, ya sami amsa. Ya yi raka'a biyar, ya sami amsa. To ranar da ya haɗa biyun a salla guda fa? Ranar da ya manta sura bayan Fatiha, ko ya ɓoye karatu a Magariba, ko ya zo a makare ya tarar liman na da sujada a kansa? Hadisan nan uku ba su ambaci waɗannan da sunansu ba. Dole wani ya fitar da ƙa'ida daga abin da aka ruwaito ya ɗora sauran a kai, kuma wannan aikin shi ne fiƙihu. Idan aka ɗauke Ahalari, yaron ba zai zama mujtahidi ba. Zai koma ya tambayi malamin da ya karantar da shi hadisin, malamin ya ba shi fahimtarsa ko ta wani malamin da ya karanta. Bin malami bai gushe ba, an dai sauya wanda ake bi, an bar fahimtar da malamai suka yi ƙarnoni suna tacewa an kama wadda ba a gwada ba.

Akwai inda marubucin zai iya riƙe ni a wannan babi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Hadisin Abu Sa'id al-Hudri da ke cikin Muslim ya nuna cewa mai kokanto ko uku ya yi ko huɗu ya yi gini a kan abin da ya tabbata, ya yi sujada kafin sallama. Ahalari kuwa, bisa mashhurin mazhaba, ya ce ya yi gini a kan yaƙini ya yi ba'adi, domin raka'ar da ya kawo tana iya zama ƙari. Ga zahirin hadisi a gefe, ga mashhuri a gefe. Amma wa ya fara nuna wannan? Malaman Malikiyya ne da kansu. Imam Malik ya kawo wannan ma'ana a Muwaɗɗa, kuma Ibn Abdil Barr, wanda ya rasu a 463 bayan hijira, ya tattauna hadisan Muwaɗɗa ɗaya bayan ɗaya a Tamhid da Istizkar, yana rinjayar da abin da ya ga hujja ta fi ƙarfi ko da ya saɓa wa 'yan mazhabarsa. Kuma mazhabar ta faɗa ƙarara cewa wanda ya gabatar da ba'adi kafin sallama ko ya jinkirta ƙabli bayanta, sallarsa ta inganta. Ke nan wanda ya bi zahirin hadisin Abu Sa'id bai fita daga abin da Halil ya yarda da ingancinsa ba. Haka maganar ƙablu da sadlu take. Mudawwana ta kawo ruwayar sakin hannu a farilla, Muwaɗɗa ta kawo hadisin ɗora dama a kan hagu, kuma malaman Kano da suka yi muhawara a kai a ƙarnin da ya wuce, ɓangarorin biyu Malikawa ne, da littattafan gida suka kafa hujja.

Wannan ya kawo mu ga abin da marubucin ya tsallake, wato saman tsanin. Karatun zaure bai ƙare a Muhtasar ba. Ana karanta Muwaɗɗa da Buhari da Muslim da Ashafa ta Alƙali Iyal. Shehu Usmanu ya karanta Buhari wurin malaminsa, ya rubuta Ihya'us Sunna yana auna ayyukan mutane babi babi da sunna, ya kuma rubuta Hidayatuɗ Ɗullab inda ya nuna cewa mazhabobin Ahlus Sunna duk hanyoyi ne ingantattu, ba a tsananta wa wanda ya bi wata a kan mas'alar saɓani. Mutumin da ya taso a kan Risala da Muhtasar ne ya rubuta haka. Mai neman hujjar Risala jimla bayan jimla ya duba Masalikud Dilala na Ahmad al-Gumari. Mai son ganin dalilin saɓanin mazhabobi ya duba Bidayatul Mujtahid na Ibn Rushd. Mai son sharhin Askari da alƙalamin ɗan ƙasa ya duba As'halul Madarik na Malam Abubakar ɗan Hasan Bakatsine. Duk waɗannan ana samun su a kasuwar littattafai ta Kurmi da makamantanta.

Inda nake tare da marubucin shi ne a kan cewa akwai cuta, sai dai mun saɓa a kan inda take. Da yawa daga cikinmu suna tsayawa a Ishmawi ko tsakiyar Risala, sannan su zauna suna ba da fatawa a kan saki da gado. Akwai masu haddace fassarar malam ba tare da sun gane mas'alar ba, kuma gane su ba wuya. Ka ba almajiri mas'alar da ba ta zo a jeren littafi ba, kamar mutumin La'asar ɗin nan da ya haɗa ragi da ƙari sannan ya manta da sujada. Wanda ya fahimta zai tambaye ka me ya rage, kuma yaushe ya tuna. Wanda ya haddace kawai zai fara karanto babin daga farko yana neman inda maganarka ta faɗo. Akwai kuma bugun kasuwa masu kurakuran wasali da ke juya ma'ana, waɗanda ba mai kama su sai malamin da ya karanta a gaban malami. Sannan littattafan suna magana da ma'aunin zamaninsu. Risala za ta ce maka nisabin zinariya dinari 20, na azurfa dirhami 200, amma ba za ta gaya maka nawa ke nan a kuɗin yau ba, kuma ba za ka sami hukuncin ajiyar banki ko inshora a cikinta da suna ba. Wannan aikin malaman zamani ne, kuma ba su iya yin sa sai da ƙa'idojin da suka koya daga waɗannan littattafai.

Saboda haka shawarata ga masu makarantun Islamiyya da na zaure ita ce a bar yaro ya fara da Ahalari yadda aka saba, ya san yadda zai gyara sallarsa tun kafin ta wajaba a kansa. Idan ya zo Iziyya da Risala, malam ya riƙa ɗora masa hadisin kowane babi a gefe, ya ce masa ga hadisin Ibn Buhaina, ga na Zul Yadaini, ga yadda Malik ya haɗa su, ga kuma inda wasu malamai suka saɓa masa da dalilinsu. Kada a ba kowa izinin fatawa sai ya wuce Muhtasar da sharhinsa ya kuma zauna a kan Muwaɗɗa. Almajirin da aka rena haka zai girmama hadisi, zai san darajar malaman da suka yi masa hidima, kuma ba zai ɓata sallar maƙwabcinsa don ya ga ya yi sujada kafin sallama ko bayanta ba.

Ina roƙon ɗan'uwa marubucin ya ɗauki babin rafkanuwa na Ahalari ya ajiye shi kusa da babin rafkanuwa na Muwaɗɗa, ya bi su mas'ala bayan mas'ala. Inda ya ga mashhuri ya saɓa wa hadisi ingantacce ya fito da shi da hujjarsa, a tattauna, domin haka malaman mazhabar suka yi tun farko. Amma kiran a ajiye littattafan gaba ɗaya zai bar miliyoyin yara da hadisai a hannu ba tare da hanyar aiki da su ba, kuma wannan ba hidima ba ce ga sunna. Allah Ya ƙara mana fahimtar addininSa, Ya jiƙan malamanmu.